Wasiƙar Malami ga Ɗalibin da Ya Yi Satar Amsa

Wani malamin lissafi ya kama ɗalibi da 'yar takarda cikin safa. Bai kira taron makaranta ba, wasiƙa ya rubuta: “Yarona, na soke makinka, amma takardarka ta nuna mini inda ka maƙale. Ka kwafo dokar Pythagoras, a² + b² = c², daidai, sai dai ka ɗora gefe mafi tsawo, 13, a gurbin a. Zo ranar Laraba mu warware ta da 5 da 12, sannan ka sake zama.”

Hukunci bai faɗi ba, sifilin yana nan. Amma wasiƙar ta bambance haddace doka da sanin inda take aiki, abin da bulala ba ta iya ganowa.