Tan Nawa Ruwa Ke Tura Bangon Dam?

Abu biyu kawai injiniya ke bukata kafin ya faɗi irin turin da ruwa ke yi wa miƙaƙƙen bangon dam: zurfin ruwan da ke jikin bangon, da faɗin bangon. Bai damu da tsawon tafkin da ke baya ba. Tafkin Kainji ya miƙe fiye da kilomita 100 a bayan madatsarsa, amma da za a rage shi ya koma ɗan kududdufi mai zurfi iri ɗaya, bangon ba zai ji wani sauƙi ba. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan a jin farko, don hankali ya fi karkata ga cewa yawan ruwa ne ke turi. Zurfi ne ke turi.

Duk wanda ya taɓa ganin durom ɗin ruwa ya huje ya san haka: hudar da ke kusa da baki ɗiga take yi, ta gindi kuwa tsartuwa take yi da ƙarfi. Ruwan ƙasa yana ɗauke da nauyin duk ruwan da ke bisansa, kuma ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, kowace fuska yake matsawa, har da gefe. Ruwan da ya cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi nauyinsa kilo 1,000 ne, wato tan ɗaya. Saboda haka a zurfin mita ɗaya, kowane murabba'in mita na bango yana shan turi daidai da nauyin tan ɗaya. A zurfin mita 7, tan 7. Masana na rubuta wannan a matsayin p = ρgh, inda ρ yake kilo 1,000 ɗin nan, g shi ne jan ƙasa (9.8), h kuma zurfi daga saman ruwa. Mu a nan za mu ci gaba da ƙirga da tan, ya fi sauƙin kamawa. Wanda ke son amsar da niyutan sai ya ninka da 9,800.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da matsin iri ɗaya ne a ko'ina, sai a ninka shi da girman bango a tashi. Amma a saman ruwa sifili ne, a gindi kuma ya kai maƙura. Wanne za a ɗauka?

Mu ɗauki bango mai faɗin mita 40, ruwa ya kai zurfin mita 10 a jikinsa. Sai mu yanka shi a kwance, yanki biyar, kowanne mai tsayin mita 2, wato murabba'in mita 80. Dalilin yankawa a kwance shi ne, duk abin da ke layi ɗaya a kwance zurfinsa ɗaya. Idan muka yi wa kowane yanki lissafi da zurfin da ke samansa, wato 0, 2, 4, 6 da 8, jimlarsu 20, sau 80 ya ba da tan 1,600. Mun san mun yi ƙasa da gaskiya, domin mun ɗauki mafi ƙarancin matsi a kowane yanki. Idan muka yi da zurfin da ke gindin kowane yanki, 2 zuwa 10, jimla 30 ce, amsa tan 2,400, wannan kuma ya zarce. Gaskiyar tana tsakani. A ƙara yankawa zuwa goma masu mita ɗaiɗai, sai iyakokin su matso: 1,800 da 2,200. A yi yanki ɗari, su zama 1,980 da 2,020. Kowa na iya ganin inda suka dosa.

Wannan dabara ta girmi kalkulas. Simon Stevin, injiniya haifaffen birnin Bruges, da ita ya gano turin ruwa a kan miƙaƙƙen bango a littafinsa na 1586, kusan shekara 90 kafin Leibniz ya fara rubuta alamar ∫ a 1675. Abin da intigiral ke yi shi ne ya kai yankan nan ƙarshensa. Yanki ɗaya siriri, a zurfin h, mai faɗin w da tsayin dh, yana shan turi ρg × h × w × dh. Alamar ∫ na cewa a tara su duka daga saman ruwa har gindi, inda zurfi ya kai H:

F = ∫₀ᴴ ρg h w dh = ½ ρg w H²

A namu bangon, rabin 40 sau 100, tan 2,000 cif, ko niyutan miliyan 19.6.

A ganina ɗan ƙaramin 2 ɗin da ke bisa H ya fi komai muhimmanci a layin nan. Idan damina ta yi ƙarfi ruwan ya tashi daga mita 10 zuwa 12, ƙarin zurfin kashi 20 cikin 100 ne, amma turin ya tashi daga tan 2,000 zuwa 2,880, ƙarin kashi 44. Sannan nauyin ba rabon adalci aka yi masa ba. Rabin bango na sama tan 500 kaɗai ya ɗauka, na ƙasa ya ɗauki 1,500. Idan aka haɗa turin gaba ɗaya wuri guda, cibiyarsa tana faɗawa a kashi biyu cikin uku na zurfin, wato mita 3 da 'yan kai daga gindi. Shi ya sa dam na kankare yake da siririn kai da katon gindi. Madatsar Hoover ta Amurka, mai tsayin mita 221, kaurinta kusan mita 14 ne a sama, a ƙasa kuwa kusan 200. Ƙarfin da ke neman kifar da bango ma ya fi saurin hawa, domin turi na ƙaruwa, cibiyarsa kuma na ɗagawa. Ƙarin mita biyun nan ya ƙara shi da kusan kashi 73.

Mai kaifin basira zai ce ai matsakaicin zurfi, mita 5, sau girman bango, murabba'in mita 400, ya ba da 2,000 ba tare da wani intigiral ba. Haka ne, muddin faɗin bangon bai canza ba. Sai dai kwarin kogi tsukewa yake yi a ƙasa. A ce faɗin mita 40 ne a saman ruwa, 20 a gindi. Kowace mita aka sauka faɗi ya ragu da mita 2, don haka w = 40 − 2h, kuma shi ma dole ya shiga cikin taron:

∫₀¹⁰ h(40 − 2h) dh = 2,000 − 667 ≈ 1,333

Gajeriyar hanyar za ta ba da 5 sau 300, wato 1,500, ta yi kuskure, domin mafi yawan bangon yana sama inda matsi bai da yawa.

Ɗalibai sun fi tuntuɓe a wurin zaɓen inda za a fara awo. Wani zai auna daga gindi zuwa sama, ya rubuta faɗi daidai, w = 20 + 2y, sannan ya manta ya saka y a matsayin zurfi. Zurfin kuwa 10 − y ne. Amsarsa za ta fito 1,667, don ya ɗora matsi mafi girma a saman ruwa. Gane kuskuren ba wuya: a saka adadin saman ruwa a cikin lissafin zurfi, in bai ba da sifili ba, an kauce.

Lissafin yana da iyaka. Ruwan da ke tsaye yake magana a kai, ba ambaliyar da ta haura bango tana gudu ba. Laka da yashin da suka taru a gindi suna ƙara nasu turin. Ruwan da ya kurɗa ta ƙarƙashin ginin yana ɗaga shi sama ya rage masa nauyin zama, abin da ya taimaka wajen rushewar dam ɗin Bouzey a Faransa a 1895. Yawancin madatsunmu kuma, irin su Tiga, na ƙasa ne masu gangaren fuska, inda zaizaya da yoyo suka fi zama abin tsoro. Amma ƙofofin ƙarfe da bangayen kankare na wurin sakin ruwa, har da tankin da ake ginawa da bulo a gida, duk da wannan lissafi ake auna su. Mai niyyar ƙara wa tankinsa tsayi daga mita ɗaya zuwa biyu ya sani cewa turin da ke kan bangon zai ninka huɗu, don haka ya nemi injiniya kafin ya kira magini.