An Cire Kuɗi, Oda Ta Ce Ba A Biya Ba: Ina Kuɗin Suka Maƙale?

A ce ka yi odar atamfa ta naira 18,500 a wani shagon intanet. Alat ya shigo cewa an cire kuɗin, amma shafin shagon ya nuna "Payment failed". Kada ka yi gaggawar sake biya, domin ta nan ne mutane ke biyan kaya ɗaya sau biyu.

Kuɗin ba kai tsaye suke tafiya wurin mai shago ba. Tsakaninsa da bankinka akwai kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, irin su Paystack, Flutterwave ko Interswitch. Bankinka yakan cire kuɗi ya aika saƙon amincewa. Idan saƙon ya makara ko sabis ya yanke a hanya, sai shagon ya ɗauka ba a biya ba.

Fara da duba bayanan asusunka a manhajar banki, domin sau da yawa kuɗin sukan dawo ba tare da alat ba. In ba su dawo ba, nemi lambar cinikin, wadda ta danganta da yadda ka biya. Idan da kati ne, ita ce RRN, mai lambobi 12. Idan taransfa ka yi, ita ce Session ID, mai lambobi 30, wadda ke jikin rasit. Hoton alat kaɗai ba ya isar ma'aikacin banki, da waɗannan lambobin yake bin sawu.

Aika wa mai shago lambar, tare da lambar oda, adadin kuɗin da lokacin biya, ka ce ya duba wurin kamfanin da ke karɓar masa. In kuɗin sun isa, ko ya sakar maka kaya ko ya mayar. Wannan ya fi faruwa da taransfa, musamman zuwa lambar asusu ta wucin gadi da shafin ya bayar: mutum ya tura bayan wa'adinta ya ƙare, ko ya tura 18,000 maimakon 18,500, sai na'ura ta kasa haɗa kuɗin da odar.

In ya ce ba su iso ba, magana ta koma bankinka. Shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin. "Ka jira awa 24" ta baki ba hujja ba ce. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ɗibar wa bankuna awa 72 su warware cinikin POS da na intanet da ya gaza. Idan mako biyu suka wuce shiru, rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na CBN, ka haɗa da lambar ƙorafin da rasit.

Duk wanda ya kira yana neman PIN ko OTP wai don ya mayar maka da kuɗin, ɗan damfara ne. Banki ba ya buƙatar ko ɗaya kafin ya mayar da kuɗi.