Kafin Alƙali Ya Saurare Ka: Wa Ke da Hurumin Kai Gwamnati Ƙara?

Duk wanda ya roƙi Babbar Kotu ta soke wani mataki na hukuma, tambayar farko da zai fuskanta ita ce: me ya shafe ka? Idan ya kasa amsawa, za a kori ƙarar tun ba a duba ko hukumar ta karya doka ba.

Ɗan kasuwar da aka ƙwace wa lasisi ba tare da an ji ta bakinsa ba, wannan tambaya ba ta ba shi wahala, domin takardar ƙwacewar na ɗauke da sunansa. Abin da zai kiyaye shi ne neman izinin kotu tukuna da kuma gaggawa, don a Babbar Kotun Tarayya wata uku ne wa'adin. Wahalar tana kan mai cewa ya zo ne domin jama'a.

A 1981 Sanata Abraham Adesanya ya sha kaye a Kotun Ƙoli kan ƙarar da ya shigar yana ƙalubalantar naɗin Mai Shari'a Ovie-Whiskey a matsayin shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO. Kotun ta ce ba shi da hurumi: an yi muhawara a Majalisar Dattawa an rinjaye shi, kuma bai nuna wani haƙƙi nasa da naɗin ya taɓa ba. Lauyoyin gwamnati sun daɗe suna fakewa da wannan hukunci. Hujjarsu ita ce kada 'yan shisshigi su cika kotuna, kuma kare muradin jama'a aikin Antoni Janar ne. To amma idan gwamnatin da yake ciki ce ake zargi fa?

Sassauci ya fara bayyana a 1987. Bayan kisan ɗan jarida Dele Giwa da bam ɗin wasiƙa a 1986, Gani Fawehinmi ya nemi a tilasta wa daraktan gabatar da ƙararraki na Jihar Legas ya faɗi matsayinsa: ko ya gurfanar da jami'an tsaro biyu da Gani ke zargi, ko ya ba shi dama ya yi da kansa. Kotun Ƙoli ta ce yana da hurumi, domin aikata laifi ya shafi kowa. Sai kuma 2018, lokacin da ta amince ƙungiyar Centre for Oil Pollution Watch ta ƙalubalanci kamfanin NNPC kan malalar mai da ta gurɓata rafuka a Jihar Abiya, duk da cewa ba ruwan shan ƙungiyar ne ya lalace ba.

Wannan hukunci bai ba kowa dama ba. Alƙalai kan duba ko ƙungiyar ta saba aiki a fagen, ko barazanar ta gaske ce, da ko kudinta kawai take nema. A ƙarar take haƙƙin ɗan Adam kuwa, ƙa'idojin 2009 sun hana korar ƙara saboda rashin hurumi. A sauran al'amura, ƙungiyar da ta haɗa ƙararta da mutum ko ɗaya da abin ya shafa kai tsaye ta fi tsira daga kora.