Yadda ake tura ƙwaro yaƙi da ƙwaro a gonakin gero

A wasu ƙauyuka na jihar Maraɗi da ke Jamhuriyar Nijar, idan gero ya fara fitar da kai, akan ga 'yan ƙananan buhunan algarara a rataye jikin itatuwa ko a ƙarƙashin rufin rumbuna. Ba magani ne a cikinsu ba, ba kuma laya ba ce. Wani ɗan mitsitsin zanzaro ne ake kiwo a ciki, wanda aikinsa shi ne kashe tsutsar da ke cinye zangarniyar gero.

Wannan dabara ta amfani da abokan gabar ƙwari maimakon feshin guba ta daɗe a duniya. Sai dai kuma nasararta ta dogara ne a kan tsari, kuma tsarin yakan fara ne da tambaya guda: tun da kowane ƙwaro yana da abin da ke cin sa, me ya hana abokin gabar wannan ƙwaro yin aikinsa a wannan gona?

Mafarauta da masu cin rai

Masana sun kasa ƙwarin da ke taimakon manomi kashi biyu. Kashi na farko su ne mafarauta, irin su gizo-gizo da tururuwa da ƙoƙi-ƙoƙi. Waɗannan sukan kama ƙwaro su cinye nan take, kuma kowane ɗaya yakan ci da yawa a tsawon rayuwarsa. Rauninsu shi ne galibi ba sa zaɓe, duk abin da suka samu shi ne abincinsu.

Kashi na biyu su ne waɗanda ke saka ƙwai a jikin wani ƙwaro ko a cikinsa, 'ya'yansu su ƙyanƙyashe su ci shi da ransa har ya mutu. Akasarinsu dangin zanzaro ne. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a bango ya ga tsutsotsi a sume a ciki, ya ga wani abu mai kama da wannan, domin abincin 'ya'yansa ne ya tanada. Bambancin shi ne waɗanda ake amfani da su a gona ba sa gina ɗaki, wasunsu ko ƙwayar gero ba su kai ba, kuma ba sa harbin mutum. Da yawa daga cikinsu nau'in ƙwaro ɗaya ko 'yan kaɗan suke nema, abin da ya sa masu tsara yaƙi da ƙwari suka fi dogara da su.

Dalilai uku, hanyoyi uku

Amsar waccan tambaya takan kasance ɗaya daga cikin uku. Ko dai abokin gabar babu shi a ƙasar gaba ɗaya, ko yana nan amma yana zuwa a makare, ko kuma yana nan amma ayyukan manomi na kashe shi.

Idan babu shi, sai a je a ɗauko shi daga inda ƙwaron ya fito. Haka aka yi da wani farin ƙwaro mai tsotsar rogo, wanda aka fara gani a yankin Kwango a shekara ta 1973, ya kuma bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. An gano asalinsa a ƙasar Paraguay a shekara ta 1981, aka samo zanzaron da ke kashe shi, aka tsare shi a Birtaniya domin tabbatar da cewa bai zo da wata cuta ba. Daga bisani cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta yi kiwonsa ta sake shi, ya kafu a ƙasashe fiye da 20. Masanin da ya jagoranci aikin, Hans Herren, ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a shekara ta 1995.

Ana tsaurara bincike kafin a shigo da baƙuwar halitta, saboda idan aka sake ta ba a iya mayar da ita. A shekara ta 1935 an kai wani katon kwaɗo mai dafi Ostareliya domin ya ci ƙwarin rake. Bai magance su ba, ya kuma zama annoba ga namun dajin ƙasar har ya zuwa yau.

Idan kuwa ayyukan manomi ne ke kashe abokin gabar, magani shi ne a rage feshi, a kuma bar ciyayi masu fure a gefen gona, tun da manyan zanzaro da ruwan fure suke rayuwa. Matsalar gero a yankin Sahel ta faɗa ne a rukuni na tsakiya, wato na zuwa a makare.

Tsutsar zangarniya

Tsutsar da manoman Nijar ke kira murzuna 'yar wani malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare. Ba baƙuwa ba ce a yankin, amma ɓarnarta ta fito fili ne bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970. Takan kwashe rani a kwance cikin ƙasa. Kimanin wata guda bayan saukar damina uwar takan fito, ta saka ƙwai a kan zangarniyar da ta fara fitowa. Tsutsar takan shige tsakanin ƙwayoyin, tana yanke su daga tushe, tana barin wata hanya a murɗe da ta kewaye zangarniyar. A shekarar da ta yi yawa, gona kan yi asarar fiye da rabin amfaninta.

Feshi ba ya yi mata sosai. Tana ɓoye a cikin zangarniya, geron ya fi mutum tsawo, ga kuma tsadar magani ga manomin da ke noma abin da zai ci.

Abokin gabarta, zanzaron da masana ke kira Habrobracon hebetor, yana nan a yankin tun asali. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba. Macen takan harbi tsutsa ta sumar da ita, nan take tsutsar ta daina ci, sannan ta saka ƙwai a jikinta. Cikin kwanaki 10 ko kusa da haka, sababbin zanzaro sun fito. Inda gizo ke saƙar shi ne, a tsawon rani babu tsutsar da zai rayu a kanta a gona, don haka yawansa yakan ragu ƙwarai. Kafin ya sake yawaita, damina ta yi nisa, ɓarna ta riga ta auku. Ke nan abin da ake bukata shi ne a ba shi 'yan makonni na gaba.

Yadda ake tsara sakin

Cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, tare da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, sun faɗaɗa wannan aiki daga shekara ta 2006 da tallafin gidauniyar McKnight.

Matakin farko shi ne kiwo. Tun da murzuna sau ɗaya take fitowa a shekara, akan ciyar da zanzaron da wata tsutsa daban, wadda ke cin hatsi a rumbu, mai sauƙin kiwo a cikin gero da garinsa. A kowane ƙaramin buhu akan zuba ɗan gero da gari, a sa tsutsotsi 25, sannan a sa matan zanzaro biyu, a ɗaure baki. Wajibi ne matan su kasance sun sadu da namiji, domin a irin wannan ƙwaro macen da ba ta sadu ba maza zalla take haifa, namiji kuwa ba ya harbin tsutsa.

Mataki na biyu shi ne rabawa. Alal misali, ƙauye guda yakan sami buhu 15. Akan rataye uku a tsakiyar gonakin, uku a gabas, uku a yamma, uku a kudu, uku a arewa. Bayan kimanin kwanaki 8, sababbin zanzaro sukan fara fitowa ta ƙofofin saƙar algarara. Kowane buhu yakan ba da 60 zuwa 70, wato kusan dubu ɗaya ke nan a ƙauyen baki ɗaya.

Dubu ɗaya ba komai ba ne idan aka kwatanta da yawan tsutsar da ke cikin gonakin ƙauye. Ƙarfin dabarar yana cikin hayayyafa. Waɗanda suka fito za su saka ƙwai a jikin murzuna, 'ya'yansu su fito bayan kwanaki 10 su yi haka nan, har a sami zuriya uku ko huɗu kafin girbi, suna bazuwa tazarar kilomita 3 ko fiye daga inda aka rataye buhunan. Wannan ne ya sa ake tsara aikin a matsayin na ƙauye. Zanzaro bai san iyakar gona ba, wanda ya biya kuɗin buhu da maƙwabcinsa da bai biya ba duk za su amfana.

Inda ake samun kuskure

Babban abin da ke ɓata aikin shi ne kuskuren lokaci. Idan aka rataye buhunan tun gero bai fitar da kai ba, zanzaron zai fito bai tarar da tsutsa ba, ya mutu ko ya watse. Idan aka jira sai murɗaɗɗun hanyoyi sun cika zangarniya, an makara. Saboda haka malaman gona kan kafa tarkon fitila da dare domin ganin lokacin da uwar ta fara tashi, su kuma duba ƙwai a kan zangarniyar da ta fara fitowa.

Kazalika, buhun da ruwan sama ya jiƙa yakan yi fumfuna, wanda tururuwa suka samu kuwa sukan cinye abin da ke ciki. Sannan idan wani ya yi feshi a kusa, zanzaron da ke yawo a fili shi zai fara mutuwa, tsutsar da ke ɓoye ta tsira.

Domin sanin ko aikin ya yi, akan yanko zangarniya daga gonaki dabam-dabam bayan 'yan makonni a buɗe hanyoyin. Tsutsar da aka harba takan yi laushi ba ta motsi, daga baya ta bushe ta yi baƙi, a gefenta kuma a ga 'yan fararen kwasfa inda 'ya'yan zanzaro suka kwanta. Akan ƙirga masu rai da matattu, a kwatanta da wani ƙauye mai nisa da ba a kai wa buhu ba. Idan babu wannan kwatanci, ba za a san ko zanzaron ne ya yi aiki ko shekarar ce ta zo da sauƙi ba. Binciken da aka wallafa a shekara ta 2014 a kan gonakin Nijar ya nuna ƙarin amfanin gona na kimanin kashi 34 cikin 100 a inda aka saki zanzaron.

Ba kamar zanzaron rogo ba, wanda aka saka sau ɗaya ya ci gaba da rayuwa saboda rogo da ƙwaronsa suna nan duk shekara, na gero rani yana karya shi. Dole a sake kiwonsa, a sake kai buhuna, a duk daminar da tsutsar ta yi barazana. Wannan ne ya sa aka koya wa wasu ƙungiyoyin manoma a Nijar yadda za su yi kiwon da kansu su sayar wa ƙauyuka, domin buhun ya isa gona a makon da ake bukatarsa.