Ragar Roba da Ke Tsayar da Ƙasa Kamar Bango

Idan tifa ta juye busasshen yashi, zai zube ya baje, ya tsaya a gangaren da bai wuce digiri 30 zuwa 35 ba. Ko an ƙara tulawa, gindin ne zai ƙara faɗi. Amma a hawan gadar sama sai ka ga ƙasa ta miƙe tsaye mita shida ko fiye, manyan motoci na bi ta kanta. Mutane da yawa suna zaton falayen kankaren da ke gefe ne suka tare ta. A irin ginin da muke magana a kansa, fuskar nan sutura ce kawai. Ƙarfin yana binne a ciki.

Injiniyan Faransa Henri Vidal ne ya fito da dabarar a shekarun 1960, inda ya riƙa shimfiɗa siraran ƙarafa cikin ciko. Daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1970, aka ƙirƙiro ragar roba mai ƙarfi a Ingila, wadda ake kira jiyogirid. Ƙasa tana jure danniya, ba ta jure ja. Idan nauyi ya danne ta daga sama, sai ta nemi tserewa ta gefe. To, ana zuba ciko, a daɓe, a shimfiɗa raga, a sake zubawa, a sake daɓewa. Tsakuwa na shiga idanun ragar ta cije, don haka duk lokacin da ƙasa ta yunƙura za ta baje, sai ta ja ragar, ragar kuwa ta ƙi. Kusan aikin ciyawa ne a cikin ƙasar gini da aka kwaɓa.

Mu ɗauki bango mai tsayin mita 6, da ciko mai nauyin kusan tan 2 a kowace kubik mita. A gindi, kowace murabba'in mita tana ɗauke da tan 12. A yashi irin wannan, kashi ɗaya cikin uku na nauyin ne ke komawa turin gefe, wato tan 4. Idan tsakanin raga da raga rabin mita ne, ragar can ƙasa za ta riƙe tan 2 a kowace mita ta faɗinta. Injiniya mai hankali ba zai sayi ragar tan 2 ba, sai wadda ta ninka haka sau uku ko fiye, domin roba tana miƙewa a hankali cikin shekaru, tsakuwa kuma tana ji mata rauni lokacin daɓe.

Tsawon ragar fa? Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kashi 70 cikin 100 na tsayin bango, wato mita 4.2 a nan. Dalilin yana cikin yadda ƙasa ke zaftarewa. Ɓangaren da ke son rabuwa yana farawa daga gindin fuska ya karkata baya, har ya kai kusan mita 3.5 a sama. Ragar da ba ta wuce wannan layin ba, tare da ƙasar za ta tafi. Ka ga a sama abin da ya shiga ƙasar da ke zaune daram bai kai mita ɗaya ba, ga shi babu nauyin kirki da zai danne shi. Shi ya sa ake yawan ƙara wa ragogin sama tsawo. Na ƙasa tsinkewa ake ji musu tsoro, na sama zarewa.

A ganina, ba kasafai lissafi ke kayar da irin wannan bango ba, ciko da ruwa ne. Robert Koerner da George Koerner sun binciki bangaye 171 da suka lalace, suka wallafa sakamakon a 2013: kusan kashi 60 cikin 100 an yi musu ciko da laka ko yumɓu, kuma kusan kashi 60 ruwa ne sanadinsu. Laka ta fi araha, tunda a wurin ake tono ta, amma tana riƙe ruwa. Da damina ta yi nisa sai turin gefe ya ƙaru, riƙon da ƙasa ke yi wa raga ya ragu. Don haka ake son yashi da tsakuwa, da magudanar tsakuwa da bututu a bayan fuska.

Akwai kuma kuskuren ma'aikata. Yawancin ragar bango ta fuska ɗaya take da ƙarfi, dole a warware ta daga fuskar bango zuwa ciki. Wanda ya shimfiɗa ta bi da tsawon bangon don ya huta da yanka, ya zubar da mafi yawan ƙarfinta. Ana daɓe ciko ne santimita 20 zuwa 30 a lokaci guda, kuma kusan mita ɗaya daga fuska ƙaramin injin daɓe ake sawa, don babbar rola tana ture falaye waje.

Bangon da ke shirin ba da matsala yakan nuna alama: fuska ta yi ciki, yashi na zuba ta mahaɗar falaye bayan ruwan sama, ko kwalta ta tsage a sama, tsagar na bin tsawon bangon. Idan tsagar ta bayyana daidai inda ragogi suka ƙare, to dunƙulen gaba ɗaya ne ya fara motsi, kuma liƙe ta da kwalta ba zai tsayar da shi ba.