Dakatar da Ƙararrawar Tunatarwa da Komawa Kanta

Tsarin tunatarwa shi ne ƙararrawa ko saƙon da mutum ke saitawa a waya domin ya riƙa tuna masa wani aiki a ƙayyadadden lokaci, kamar tilawar Alƙur'ani bayan Asuba, motsa jiki ko bitar darasi. Amfaninsa ya dogara ga abu guda: wayar ta yi ƙara, mai ita ya tashi ya yi aikin. Idan rashin lafiya, tafiya ko hidimar Sallah ta hana aikin amma aka bar ƙararrawar tana bugawa, hannu zai saba da kashe ta ba tare da tunani ba. Bayan mako guda ƙarar ta daina nufin komai. Saboda haka dakatarwa da gangan ta fi bari tana bugawa ana share ta.

Kafin a dakatar, ana raba tunatarwar gida biyu. Ta shan magani ba a taɓa ta, musamman maganin hawan jini, ciwon suga ko tarin fuka, domin lokacin jinya da tafiya ne ma aka fi mantuwa. Mai tafiya Umara ko Hajji ya tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2, kuma ƙararrawar waya tana bin agogon inda aka sauka. Idan maganin na ƙayyadadden lokaci ne, likita ake tambaya kafin a tashi. Sauran ayyukan da mutum ya ɗora wa kansa su ne ake iya dakatarwa.

Dakatarwa mai kyau tana da ranar dawowa. A manhajar Clock ta Google akwai Pause alarm, inda ake zaɓar ranakun hutu, ƙararrawar ta dawo da kanta. A wayar da ba ta da shi, sai a kashe ƙararrawar ba tare da an goge ta ba, a sa wata tunatarwa guda a kalanda don ranar da za a kunna ta. Mai amfani da Google Calendar ya kula wajen goge ranakun hutu: This event rana ɗaya yake cirewa, All events kuwa yana share jerin baki ɗaya. Ranar dawowa daga tafiya ko biki sananniya ce, kuma ya fi a ƙara mata kwana ɗaya na hutawa. Jinya ba a san ƙarshenta ba, don haka ana sa ranar dubawa duk bayan kwana uku.

A ɗauki misalin mai karanta izu ɗaya kullum, wanda yake sauke izu sittin cikin kwana 60. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana 10 yana kan izu na 23. Kuskuren da aka fi yi shi ne ya ɗauki izu goman nan bashi, ya ce zai riƙa karanta biyu kullum har ya biya. Jiki bai gama warwarewa ba, nauyi ya ninka, a rana ta uku sai ya gaza, daga nan ya bar karatun gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne ya ci gaba daga inda ya tsaya, ya matsar da ranar saukar. Kwana biyu na farko ya karanta rubu'in izu, biyu na gaba rabi, a rana ta biyar ya koma izu cikakke, duka a lokacin da ya saba. Idan ya ga ya kashe ƙararrawar kwana uku a jere bai karanta ba, alama ce an yi gaggawar dawowa ko an ɗauki abin da ya fi ƙarfi, sai a rage.

Zargin kai yakan taso ne daga zaton cewa wahalar baya ta tafi a banza. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan kan mutum 96, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa tsallake rana guda ba ya rushe sabon da ake ginawa. Binciken bai auna dogon hutu ba, kuma hutun kwana goma yakan raunana sabo, shi ya sa ake dawowa a hankali. Ga mai ibada kuma, Bukhari ya ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari cewa ana rubuta wa marar lafiya da matafiyi ladan abin da suka saba aikatawa suna lafiya a gida. Farilla irin azumin Ramadan tana da ramuwa, amma aikin da mutum ya tsara wa kansa ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya.