Taƙaitaccen Bayanin Neman Tallafi Cikin Harsuna Biyu: Matsalar Daidaita Alƙaluma da Alkawura

1.0 Gabatarwa

Takardar neman tallafi takan kai shafi ashirin ko talatin, amma abin da mai ba da kuɗi ya fi karantawa da idon basira shi ne shafi ɗaya ko biyu na farko, inda aka taƙaita aikin da za a yi, da kuɗin da zai ci, da lokacin da za a gama shi. A Nijeriya an saba rubuta wannan taƙaitawa da Ingilishi. Sai dai sau da yawa kuɗin aiki ɗaya kan fito daga hannu biyu, wato daga gidauniyar da ke aiki da Ingilishi, da kuma attajirai ko ƙungiyar 'yan kasuwa waɗanda Hausa suka fi sakewa da ita. A nan dole a samar da matani biyu. Wannan maƙala za ta duba wuraren da matanin biyu kan saɓa wa juna ba tare da kowa ya yi nufin ha'inci ba, sa'an nan ta nuna hanyar toshe su. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, wannan takarda alkawari ce, kuma bai halatta mutum biyu da suka zuba kuɗi a aiki ɗaya su riƙe alkawari iri biyu ba.

2.0 Misalin da za a yi nazari a kansa

A ƙaddara wata ƙungiyar ci gaban al'umma tana neman kuɗin gyara rijiyoyin burtsatse 12 a ƙauyuka 12 cikin wata 18. An ƙago alƙaluman ne domin bayani kawai. Gyaran kowace rijiya zai ci naira 850,000, jimla 10,200,000. Za a horar da makanikai 24, biyu daga kowane ƙauye, a kan naira 75,000 kowannensu, wato 1,800,000. Gwajin ruwa da sa ido za su ci 600,000. Waɗannan ukun su ne kuɗin aiki kai tsaye, kuma sun tashi 12,600,000. A kansu an ɗora kashi 10 cikin ɗari na gudanarwa, wato 1,260,000, sai jimlar aikin ta zama 13,860,000.

Daga cikin wannan jimla ana neman 11,000,000 daga gidauniya, da 2,000,000 daga ƙungiyar 'yan kasuwa. Mutanen ƙauyukan kuma za su yi aikin gayya da aka ƙiyasta darajarsa a kan 860,000. Gidauniya za ta karanta matanin Ingilishi, 'yan kasuwa da dagatai za su karanta na Hausa, ko a karanta masu a wurin taro.

3.0 Inda alƙaluma ke zamewa

Wuri na farko shi ne tsarin ƙidayar Hausa ita kanta. Idan aka rubuta kuɗin gudanarwa da kalmomi aka ce "naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da sittin", jimlar tana ɗaukar ma'ana biyu: 1,260,000 ko kuma 1,200,060. Dalili shi ne, a Hausa kalmar "dubu" ita ke zuwa kafin adadinta, saboda haka babu abin da ke nuna inda adadin dubbai ya ƙare. Ingilishi ba shi da wannan matsala, domin a can kalmar dubu tana zuwa a ƙarshe ta rufe adadin. Maganin abin shi ne a rubuta lamba, in kuma tilas ne a yi amfani da kalmomi, a maimaita kalmar a ce "dubu ɗari biyu da dubu sittin".

Haka nan a guji tsofaffin sunayen kuɗi, komai daɗinsu a baki. "Jaka" tun zamanin fam tana nufin fam ɗari, kuma da aka shigo da naira a 1973 a kan naira biyu ga fam ɗaya, sai ta zama naira 200. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda ake ƙidaya sefa da dala, dala ɗaya sefa 5 ce, "jika" kuma sefa 1,000. Kalmar da darajarta ke sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa ba ta da mazauni a takardar kuɗi.

Wuri na biyu ya fi ɓuya, domin lambar takan fito daidai amma abin da take ƙirgawa ya sauya. A misalin da aka kawo akwai lambobi uku da kowace za a iya kira "kuɗin aikin": 12,600,000, da 13,860,000, da 11,000,000. Idan matanin Ingilishi ya ambaci abin da ake nema daga gidauniya, mai fassara kuma ya rubuta "aikin zai ci naira 11,000,000", to ɗan kasuwan da ya karanta zai yi tambaya mai kyau: in gidauniya ta biya aikin duka, ina za a kai miliyan biyun da aka karɓa daga gare su? Daga nan zargi ke farawa, alhali ko kwabo bai ɓata ba.

Kashi cikin ɗari ma haka yake. "Kashi 10 cikin ɗari na gudanarwa" magana ce da ba ta cika ba sai an faɗi kashi goma na mene ne. Na kuɗin aiki kai tsaye 1,260,000 ne, amma na jimlar aikin 1,386,000 ne. Bambancin naira 126,000 ya isa mai binciken kuɗi ya tsayar da biya har sai an yi masa bayani. Sai kuma batun masu cin moriya. Idan Ingilishi ya ce gidaje 600, aka fassara da "magidanta 600", an fitar da gidajen da mata ke riƙe da su. Idan kuwa aka ce "mutum 600", an rage adadin ƙwarai, domin in aka ɗauka kowane gida yana da mutum 7, masu shan ruwan 4,200 ne. Tilas a zaɓi ma'auni ɗaya a tsaya a kansa a matanin biyu.

4.0 Inda alkawura ke sauya nauyi

Ana iya tantance lamba da ido, amma nauyin alkawari yana ɓoye ne cikin ƙananan kalmomi. Masu rubuta takardun tallafi da Ingilishi sun ƙware wajen bambanta abin da suka ɗaure kansu da shi da abin da suke fata kawai. Hausa ma tana da wannan bambanci, har a cikin nahawunta. Lokaci mai zuwa na ɗaya, kamar a "za mu gyara", yana nuna ƙudurin da aka yanke. Lokaci mai zuwa na biyu, kamar a "ma gyara", ya fi rauni, yana kusa da yiwuwa. Ga kuma "muna fatan" da "za mu yi ƙoƙarin". Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da komai "za mu", saboda ita ce ke fara zuwa baki.

A misalin rijiyoyin, ƙungiyar tana iya ɗaure kanta da gyara rijiyoyi 12 da horar da mutum 24, domin waɗannan suna hannunta. Raguwar ciwon gudawa tsakanin yara kuwa buri ne, tun da ya dogara da tsaftar randa da wanke hannu da wasu abubuwan da gyaran famfo bai shafa ba. Idan Ingilishi ya sa shi a matsayin buri, Hausa kuma ta ce "za mu kawar da gudawa", an yi wa 'yan kasuwa alkawarin da ba a yi wa gidauniya ba, kuma alkawarin da ba mai iya cikawa.

Akwai kalmomin iyaka guda uku da ba a musanya su. "Aƙalla 12" na nufin 11 gazawa ce. "Waɗanda ba su wuce 12 ba" na nufin ko 9 aka gyara ba a saɓa ba. "Kimanin 12" kuma ya bar ƙofa a buɗe ta kowane gefe. Kalmar "har" tana da haɗari a nan, domin mai fassara kan sa ta don nuna iyakar sama, amma Bahaushen da ya ji "har rijiyoyi 12" yakan ɗauke ta a matsayin jaddada yawa. Aikatau ma a kula da shi: "gyara" daban, "haƙa" daban, amma "samar da rijiyoyi" ta haɗiye duka biyun, kuma dagacin da ya ji ta zai zauna jiran sabuwa. Haka "tallafi" ba ya zama "rance" ko "lamuni", domin na farkon ba a biyansa.

Game da "in Allah ya yarda", babu laifi ta zo a matanin Hausa, don kuwa mai sauraro zai ji maganar gaba ta yi gaɓo in babu ita. Amma ba za ta tsaya a madadin sharaɗin da aka fayyace a Ingilishi ba. Idan can an ce wata 18 za su fara ne daga ranar da aka saki kason farko na kuɗi, to a faɗi haka ɓaro-ɓaro da Hausa.

5.0 Hanyar aiki

Mataki na farko shi ne, kafin a rubuta jimla ko ɗaya a kowane harshe, a tsara jadawali guda mai ɗauke da kowace lamba, da abin da take ƙirgawa, da layin kasafin da ta fito. A ƙarƙashinsa a jera alkawuran, a sa wa kowanne alama: ɗauri ne ko buri, kuma da wane sharaɗi. Daga wannan jadawali ake rubuta matanin biyu, kowanne da salon harshensa. Hausa tana iya buɗewa da gaisuwa da bayanin wahalar ruwa, Ingilishi ya buɗe da adadin kuɗi. Wannan ba saɓani ba ne muddin abin da ke cikin jadawalin bai motsa ba.

Mataki na biyu shi ne gwaji. A ba wani wanda bai ga matanin Ingilishi ba na Hausa, ya mayar da shi Ingilishi, a kwatanta. Sa'an nan a karanta na Hausa da baki ga mutum biyu ko uku, a tambaye su: nawa aikin zai ci, rijiya nawa, sababbi ne ko gyara, yaushe za a gama? Amsar da ta saɓa wa jadawali ta nuna jimlar da ke buƙatar gyara. Karatun baki ne kaɗai ke tona matsalar "dubu ɗari biyu da sittin", domin mai karanta 1,260,000 a taro da kalmomi zai faɗe ta.

Mataki na uku ya shafi sauyi. Farashin kayan famfo kan tashi tsakanin rubutu da miƙawa, sai a gyara kasafi da matanin Ingilishi a manta da na Hausa. Don haka kowane gyara ya fara daga jadawali, kuma matanin biyu su ɗauki kwanan wata ɗaya, a rubuta sunan watan da kalma.

6.0 Kammalawa

Wasu kan rufe irin wannan takarda da cewa idan an sami saɓani, matanin Ingilishi ne abin dogaro. Wannan jimla tana da amfani idan magana ta kai gaban lauya, amma ba ta gamsar da ɗan kasuwan da ya ba da kuɗinsa bisa abin da aka karanta masa da Hausa. In ma za a sa ta, wajibi ne ta fito a matanin biyu, domin kowa ya san matsayinsa tun kafin ya sa hannu. Aikin mai fassara a nan ya fi kusa da na mai ajiyar amana fiye da na mai adon magana: yana da 'yancin sarrafa salo yadda Bahaushe zai ji daɗin karatu, amma lamba, da ma'auninta, da nauyin alkawari, sai ya miƙa su kamar yadda ya karɓe su.